AVERAGE ko SUM a raba da shida: wa ke da gaskiya?

"Salam 'yan uwa. An ba mu aikin gida a Excel kan cinikin wani shago na wata shida. Ni na yi SUM na raba da 6, abokina ya yi AVERAGE, amma amsa ta ƙi zuwa ɗaya. Wa ya yi daidai? Kuma wane zane ya fi, Column ko Pie?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Ko ban ga aikinku ba, ina kyautata zaton akwai watan da aka bar gidansa babu komai.

Mu ɗauki mai shagon kayan masarufi a Tudun Wada. Janairu ya yi cinikin naira 180,000, Fabrairu 150,000, Maris ba a rubuta komai ba, Afrilu 240,000, Mayu 210,000, Yuni 120,000. Jimilla 900,000 ke nan. A ce watannin suna A2 zuwa A7, cinikin kuma yana B2 zuwa B7.

```
=SUM(B2:B7)/6
=AVERAGE(B2:B7)
```

Ta farko za ta ba ka 150,000, domin kai ne ka ce a raba da shida, ita ba ruwanta. Ta biyu kuwa 180,000 za ta fitar, saboda AVERAGE ba ta lissafa gidan da babu komai a ciki, da biyar ta raba. Sa 0 a Maris ka gani, nan take za ta sauko 150,000.

To wa ya yi daidai? Sai an san abin da ya faru a Maris. In mai shago ya yi tafiya ne ya bar shago a kulle, cinikinsa sifili ne, kuma kuɗin haya bai fasa tafiya ba, don haka a rubuta 0. In kuwa an yi ciniki, littafin ne ya ɓata, a bar gidan haka nan, amsar abokinka ta fi kusa da gaskiya. Ni dai AVERAGE nake zaɓa, don wannan 6 ɗin da ka rubuta da hannu ranar da aka ƙara Yuli mantawa za ka yi da ita.

In duk gidajen a cike suke, duba ko wani ya rubuta N150,000 da harafin N a gaba. Excel rubutu yake ɗaukarsa, za ka gan shi ya maƙale a hagu alhali sauran suna dama, kuma har SUM tsallake shi take yi. Gwada wannan, in bai ba ka 6 ba akwai matsala:

```
=COUNT(B2:B7)
```

Zane kuwa, ɗauki Clustered Column a ƙarƙashin Insert. Watanni na jere, ido na ganin inda kasuwa ta tashi da giɓin Maris. A Pie yankin Maris ɓacewa yake yi, kuma da ƙyar ka bambance 210,000 da 240,000. Daga A1 zuwa B7 kawai za ka zaɓa, kada ka haɗa da layin jimilla, in ba haka ba sandar 900,000 za ta danne sauran su koma 'yan guntaye.