Kwana nawa wake ya yi a mangaza: jadawalin hannu ko Excel?

"Na kai buhunan wake mangaza a nan Maradi ran 10 ga Nuwamba 2023, na kwashe ran 15 ga Afrilu 2024, kuma da kwana ake biyan kuɗin ajiya. An ce in mayar da kowace rana lambarta ta cikin shekara. Da hannu ya fi ko da Excel?"

Alhaji, hanyar hannu tana buƙatar jadawalin kwanakin da suka shige kafin kowane wata ya kama: Janairu 0, Fabrairu 31, Maris 59, Afrilu 90, Mayu 120, Yuni 151, Yuli 181, Agusta 212, Satumba 243, Oktoba 273, Nuwamba 304, Disamba 334. Ranar da kuka kai waken ita ce 304 a tara da 10, wato ta 314, saura kwana 51 ke nan shekarar 2023 mai kwana 365 ta ƙare. Ranar kwashewa kuwa 90 ce a tara da 15, sai a ƙara ɗaya domin Fabrairun 2024 ya yi kwana 29, ta zama ta 106. Idan aka haɗa 51 da 106, waken ya kwana 157.

Wannan ɗayan da ake ƙarawa shi ne inda mai lissafin hannu ya fi yin tuntuɓe, musamman wajen komawa baya. A 2024, duk lambar da ta haura 60 sai an cire mata ɗaya kafin a duba jadawali, shi ya sa 106 ta koma 105, aka cire 90, aka samu 15 ga Afrilu, alhali a 2023 lambar nan 16 ga Afrilu ce.

Excel ba ya manta Fabrairu. A na Faransanci, wanda aka fi samu a wajenmu, layin farko yana ba da lambar ranar da ke A1, na biyu yana mayar da lamba kwanan wata, na uku kuma tazarar da ke tsakanin ranar kawowa a A1 da ranar kwashewa a B1:

```
=A1-DATE(ANNEE(A1);1;0)
=DATE(2024;1;106)
=B1-A1
```

Nasa aibin a wajen shigar da rana yake. Na'urar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta 10/11/2023 a matsayin 11 ga Oktoba, sai ta ba ku 284 maimakon 314, ta ɗora muku kuɗin kwana 30 da waken bai yi ba, ba tare da wani gargaɗi ba.

A ganina, mai ajiya ɗaya ko biyu ya riƙe jadawalin a bangon littafinsa, mai mangazar da ke bin ajiyar mutane da yawa kuma ya yi da Excel, amma ya riƙa gwada layin farko da jadawalin. Kafin ku biya, ku daidaita da mai mangazar ko ranar kawowa tana cikin ƙirga, domin idan tana ciki kwana 158 ne.