Kafin ka sayi maganin ƙurajen fuska, fara taɓa fuskar tukuna

Yawancin masu shiga kemis neman maganin fimfus kalma ɗaya suke faɗa, mai shago kuma ya miƙo abin da ya fi tafiya a kasuwa. Daga nan asarar kuɗi take farawa, domin ƙurajen fuska ba iri ɗaya ba ne, kuma zurfin ƙurjin ne yake nuna ko kuɗinka na kemis ne ko na ganin likita. Ka wanke fuska, ka tsaya gaban madubi a cikin haske, ka shafa ta da yatsa a hankali.

Idan abin da ka gani baƙaƙen ɗigo ne a hanci da goshi, ko ƙananan tsiro masu kama da gero a ƙarƙashin fata, ba ja ba zafi, to ƙofofin gashi ne suka toshe da maiƙo da matacciyar fata. Baƙin nan ba datti ba ne, iska ce ta taɓa bakin toshiyar ya yi duhu, shi ya sa dirza da soso ba ta fitar da shi sai dai ta fusata fatar. A nan zaɓi biyu ne. Akwai sabulun ruwa mai ɗauke da salisilik asid kashi 2 cikin 100, mai sauƙin kuɗi da sauƙin sha'ani, wanda ya isa idan toshiyar kaɗan ce. Akwai kuma man adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, wanda ya fi tsada amma ya fi aiki, domin yana hana sabuwar toshiya samuwa tun daga tushe. Idan kuɗin abu ɗaya gare ka kuma goshin ya cika, ni adafalin zan ce ka ɗauka. Ana shafa kamar girman ƙwayar wake guda ga fuska gaba ɗaya, da dare, ba a kan ƙurji ɗaiɗai ba. A fara da kwana ɗaya a tsallake ɗaya, musamman da hunturu, don yana busar da fata har ta yi saɓa. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ba ta amfani da shi.

Idan kuwa ƙurajen sun kumbura, suna ɗan zafi, wasu da farin baki na mugunya, to ƙwayoyin cuta da kumburi sun shigo cikin lamarin, kuma benzoyil feroksayid ne ya dace. Za ka same shi da ƙarfi uku: kashi 2.5 da 5 da 10 cikin 100. Mutane kan ruga wa na 10 da tunanin ya fi kisa, alhali na 2.5 ko na 5 yana yin kusan aiki ɗaya ba tare da ya ƙona fuska ba. A fata baƙa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don duk inda ta ƙone baƙin tabo ke biyo baya. Ka sani kuma yana koɗar da launin tufafi. Mayafi da rigar filo da tawul duk sukan sha. Ana iya haɗa shi da adafalin, benzoyil da safe, adafalin da dare. Mai ciki, ko wadda baƙin tabo ya fi damun ta, ta tambayi mai magani ko likita game da azelayik asid, wanda yake taɓa ƙurjin da tabon a tare, sai dai yana jinkirin nuna aikinsa.

Abin da zan roƙe ka kada ka saya shi ne man nan mai haɗin magani uku da ake miƙa wa kowa a kan kowace cutar fata, da kuma mayukan bilicin. Juya kwalin ka karanta: idan akwai betametason ko kilobetasol, sitiroyid ne, wato maganin danne kumburi mai ƙarfi. Na ga aikinsa a fuskar 'yar yayata, budurwa 'yar shekara 19. Ƙuraje ne 'yan kaɗan a kumatu, aka ba ta irin wannan mai a wani kemis na unguwa. Cikin kwanaki fuska ta kwanta, har ta yi haske, kowa na tambayar sirrin. Ta ci gaba da shafawa wata da watanni. Duk ranar da ta daina sai fuska ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, sai ta koma. Daga baya ƙuraje suka feso birjik, duk girmansu ɗaya kamar an shuka su, har wuya da ƙirji, fatar kumatu ta yi siriri. Wannan kamanni ɗaya shi ne alamar ƙurajen sitiroyid. Fimfus na asali a gauraye suke, ƙanana da manya da baƙaƙen ɗigo. Sai da likita ya raba ta da man, ta jure makonni fuska ta ƙara lalacewa, kafin adafalin da benzoyil suka fara nuna aikinsu.

Maganin gaskiya yana ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci, kuma a makonnin farko adafalin kan sa ƙuraje su ɗan ƙaru. Duk man da ya gyara fuska cikin kwana uku, ka zarge shi. (Idan a gefen goshi kaɗai ƙurajen suke taruwa, duba man kitso da basilin tukuna kafin ka sayi komai.)

Sai iri na uku, wanda babu man kemis da yake kai wa gare shi. Ƙullutu ne mai tauri a can cikin fata, ba shi da baki, yana zafi ko ba a taɓa ba, yakan yi makonni a wuri ɗaya, galibi a muƙamuƙi da ƙirji da baya. Wani yakan yi laushi ya tara ruwa kamar maruru. Irin wannan yana cinye naman da ke ƙarƙashin fata, kuma matsa shi fasa shi ne ta ciki.

A nan sai a bambanta tabo biyu. Shafa wurin da ƙurji ya warke: idan baƙi ne kawai amma sumul yake da sauran fata, launi ne, zai dushe cikin watanni idan an daina matsa kuma an kare fuska daga rana. Idan yatsa ya ji rami, ko ya ji tudu mai tauri da ke ƙara girma, wannan tabo ne na dindindin, kuma gyaransa ya fi maganin ƙurajen tsada nesa ba kusa ba. Wanda kunnensa ya taɓa yin tsiro bayan huji, ko ake yin haka a danginsu, ya fi kowa haɗarin tudun.

Ƙullutu ko da biyu ne ko uku, rami ko da guda, ko wata uku na magani ba canji, duk sun isa dalilin neman likitan fata. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashensa. Haka macen da ƙurajenta suka zo da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, domin tushen nata yana iya zama a sinadaran jiki. Likita kan rubuta doksisaikilin, maganin sha mai kashe ƙwayoyin cuta, na kimanin wata uku tare da man shafawa, ba shi kaɗai ba. Idan abin ya yi tsanani akwai isotiretinoyin, ƙwayar da ake sha na watanni, wadda take rage maiƙo daga tushe. Tana busar da leɓe sosai, ana bibiyar mai sha da gwajin jini, kuma tana nakasa jariri a ciki. Kada amarya ko matar aure ta karɓe ta daga hannun ƙawa ko mai talla a waya, ko da a kyauta ne.