Sharhi: yadda na sha fama da Excel wajen firintin teburin da aka ciro daga PDF

Wani jerin kayan aiki aka turo mini a PDF mai shafi 14, kaya 340, aka ce in gyara wasu adadi sannan in fitar da shi a takarda domin masu ƙirga kaya su riƙa bi suna sa alama da biro. Na saka fayil ɗin a wani shafin intanet mai mayar da PDF zuwa Excel, ya ba ni tebur, a allo kam ba laifi. Da na danna Ctrl+P sai na ga shafi 40 da wani abu, kolum ɗin ƙarshe ya yi hijira ya koma can wasu shafuka shi kaɗai. To wannan sharhi ne kan abin da Excel ya iya da abin da ya bar mini in yi da hannuna, bayan na kashe yini guda a kai.

Kuskuren farko nawa ne. Na je Page Layout na sa Width a 1 page na bar Height a Automatic ina cewa ai shi ke nan an gama. Ya yi aiki kam, duk kolum bakwai suka shigo shafi ɗaya, amma da na duba Scale sai na ga ya sauka zuwa 54%. Rubutun da ke girman 11 idan aka rage shi haka ya koma wajen 6 ke nan, kamar ƙwayar idon tururuwa, wa zai tsaya a cikin sito yana karanta wannan? Dalili kuwa kolum ɗin bayani ne, ya zo da faɗi na fitar hankali saboda jimla mafi tsawo da ke cikinsa ta miƙe a layi ɗaya, har faɗin teburin duka ya kai wajen santimita 49. Excel bai san wane kolum ne ke cin fili a banza ba, shi dai zai matse komai da komai daidai wa daida har ya shiga. Don haka ni yanzu wannan lambar ta Scale nake fara dubawa, in ta yi ƙasa da 80% na san ba a gyara faɗi ba tukuna, ɓoye matsalar kawai aka yi.

Abin da ya fisshe ni shi ne na ajiye kwamfuta na ɗauki biro na yi lissafi daga takarda. A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. In ka kwantar da ita, wato Landscape, ka bar gefe 1.5 dama da hagu, abin da ya rage maka 26.7 ne, shi za ka raba. Na fara da kolum ɗin da ba sa buƙatar naɗewa: lambar jeri na ba ta 1.2, adadi 1.8, kwanan wata 2.6, lambar kaya 3. Waɗannan kar a yi musu rowa, kar kuma a yi musu almubazzaranci, ka duba abu mafi tsawo a ciki ka ƙara ɗan numfashi kawai, don in ka matse lamba ko kwanan wata Excel ba ya naɗe su, ##### zai jera maka. Wurin ajiya ya ɗauki 3.6, sunan kaya 5.5, sai ragowar 9 cif na bar wa bayani na kunna masa Wrap Text ya riƙa saukowa layi na biyu da na uku. Wani abu da ya ɗan ba ni haushi, a yanayin da aka saba gani Excel yana auna faɗin kolum da yawan haruffa ne, shi ya sa za ka ga 8.43 a sabon fayil, wannan kuma ba ya gaya maka komai game da takarda. Sai ka shiga View ka zaɓi Page Layout sannan Column Width zai karɓi santimita ko inci. Kuma a duba girman takarda tun farko, nawa fayil ɗin a Letter ya zo, ita kuma ta fi A4 gajarta da kusan santimita biyu, da ban lura ba da lissafin ya tashi a banza.

Heda mai maimaita kanta a kowane shafi, nan kam na yaba. Page Layout, Print Titles, a gurbin Rows to repeat at top ka sa wannan:

```
$1:$1
```

Shi ke nan, kowane shafi zai fito da sunayen kolum a samansa. Abu biyu dai za su iya ruɗa mutum. Freeze Panes da ke tsayar da heda a allo ba ruwansa da firinta, na ga mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Sannan in ka buɗe Page Setup daga cikin wurin firintin, gurbin zai fito a dushe ba ya dannuwa, sai ka koma ka shigo ta Page Layout. Minti goma na yi ina zargin fayil ɗin ne ya lalace.

Amma da na duba samfotin sai ga heda biyu biyu, ɗaya a sama inda ya kamata, ɗaya kuma a tsakiyar shafi tana zaune kamar kaya. Nan ne na gane ainihin ciwon, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. PDF bai san wani abu wai shi tebur ba, ya san dai rubutu kaza yana wuri kaza a shafi. Mai juyawa yana hasashe ne daga abin da ya gani, to hedar da ke saman kowane shafi na tsohon PDF sai ya ɗauke ta a matsayin layi na gaske, sau 14. Kuma duk inda bayanin kaya ya sauko layi na biyu a PDF ɗin, wani lokaci sai ya mai da shi sabon layi mai zaman kansa, babu lamba babu suna sai guntun jimla a ƙarshe. Kaya 340 ne amma layi 431 na tarar: heda 14, guntaye 77.

Wannan shi ke kawo tsagewar layi a Excel. Shi Excel a karan kansa ba ya yanka layi ɗaya gida biyu, tsakanin layi da layi yake karya shafi, wanda abu ne mai kyau ƙwarai. Amma in kaya ɗaya ya zama layi biyu a teburinka, a wurinsa abubuwa biyu ne daban, zai iya barin rabin bayanin a ƙasan shafi na 3 ya kai ragowar saman shafi na 4, kuma babu wani maɓalli da za ka danna ka ce masa waɗannan tare suke. Ni abin da ya faru da kaya mai lamba 71 ke nan, bayanin ya ce "janareta ƙarami, yana aiki" a ƙasan shafi, "amma ba a kunna shi sai an canja waya" ya tafi shafi na gaba. Ka ga ai wanda ya karanta rabin farko kawai ya shiga uku.

Gyaran ba wuya sai dai cin lokaci. Na fara cire duk gidajen da aka haɗe ta Unmerge Cells, domin gidan da aka haɗe daga sama zuwa ƙasa shi ma shafi na iya ratsa shi, kuma daidaita tsayin layi da kansa ba ya aiki a kansu. Na sa Filter a kolum na farko na zaɓo masu rubutun heda na goge 13 na bar ta sama. Sai guntayen, a wani kolum na gefe, daga layi na 2, na haɗa kowane bayani da na ƙasansa idan layin ƙasan ba shi da lambar jeri, kolum A shi ne lambar jeri, G kuma bayani:

```
=IF(A3="",G2&" "&G3,G2)
```

Na ja shi har ƙasa, na kwafe na liƙa a matsayin Values a kan kolum ɗin bayani, sannan na tace layukan da ba su da lamba na goge su. A kula, sai an liƙa Values kafin a goge, in ba haka ba #REF! ne zai cika maka ido. Wannan dabarar guntu ɗaya take kamawa, akwai kaya huɗu masu guntu biyu biyu, su da hannu na haɗa, kuma na yi su ne kafin gogewar. Da na gama layi na ƙarshe ya tsaya a 341, heda ɗaya da kaya 340, a nan hankalina ya kwanta.

Bayan haka na zaɓi duka na danna AutoFit Row Height, na mayar da rubutu girman 10, na jingina komai a saman gida don lamba ta yi daidai da layin farko na bayani. Scale ya dawo 100%, shafi 15. Na sa lambar shafi a ƙasa saboda takardu sukan watse a hannun masu ƙirga.

Inda ban gamsu ba shi ne yadda rubutu ke naɗewa a allo ba lallai ya zo ɗaya da na takarda ba. A layuka uku kalmar ƙarshe ta sauko sabon layi a firinti alhali tsayin gidan bai ƙaru ba, sai ta ɓuya. A samfoti na kama su da na zuƙo shi sosai, na ƙara musu tsayi da hannu. Haka kuma in kana amfani da Fit to, karya shafin da ka sa da hannu ba lallai ya saurare ka ba, wani dalilin ke nan da ya sa gara ka gyara faɗin ka zauna a 100%.

Na gwada liƙa teburin a Word don in kwatanta. A can dole ka shiga Table Properties, Row, ka cire alama daga Allow row to break across pages domin shi yana tsaga layi in ka ƙyale shi, sannan a layin farko ka sa Repeat as header row at the top of each page. Hedar ba za ta maimaitu ba in Text wrapping yana kan Around, ko in teburin ya zo a gutsure, kowane shafi da nasa, kamar yadda masu juya PDF suka saba bayarwa. Tsayin layi kuwa Word ya fi iya riƙe shi, ba ya ɓoye kalma muddin yana kan At least. Da bayanin kayan nan sakin layi ne dogaye da can zan koma. Amma tunda akwai adadin da za a sake gyarawa bayan ƙirga, na bar shi a Excel, na fara fitar da shafi na 1 da na 8 kawai na miƙa wa wanda ya fi kowa ƙorafin ido a cikinmu, ya karanta ba tare da ya ɗauko tabarau ba, sannan na saki ragowar 13.