Sharhi: ekistenda mai lamba AC1200, sandunan siginal sun cika amma gudu ya ragu

Na'urar da na gwada ƙaramar ekistenda ce, wato mai karɓar siginal ɗin Wi-Fi daga rauta ta miƙa shi gaba, irin wadda ake sokawa a soket, an rubuta AC1200 a kwalinta. Lambar nan jimilla ce kawai, 300 Mbps a zangon 2.4 GHz da 867 Mbps a zangon 5 GHz, kuma yawancin wayoyi ba sa samun duka biyun a lokaci guda. Haɗa ta da rauta ba wuya, maɓallin WPS ya isa, siginal kuma tana kai shi inda ake so. Matsalarta tana wajen gudu.

Rediyon Wi-Fi ba ya karɓa yana aikawa a lokaci ɗaya a kan tasha ɗaya. Idan ekistenda tana magana da rauta a 5 GHz, wayarka ma tana kan 5 GHz ɗin, to kowane ƙunshin bayanai sai ya bi iska sau biyu: daga rauta zuwa ekistenda, sannan daga ekistenda zuwa waya, kuma dole ɗaya ya jira ɗaya. Lissafin shi ne:

```
T = 1 / (1/a + 1/b)
```

T shi ne gudun da zai isa waya. Harafin a shi ne ainihin gudun layin baya, wato tsakanin rauta da ekistenda, b kuma na tsakanin ekistenda da waya. Haɗin 867 yakan ba da kusan 500 Mbps a aikace. Idan duka ɓangarorin suna da ƙarfi haka, za a tashi da 250. Rabi ke nan, alhali komai lafiya lau.

Abin ya fi muni idan layin baya ya yi rauni, kuma yawanci wurin da aka soka na'urar ne ke jawo haka. Mutane kan kai ta cikin ɗakin da ba siginal, bayan bango biyu na bulo ko saman dekin mai rodi, inda zangon 5 GHz ke saurin mutuwa. A irin wannan wuri ƙarfin siginal kan sauka wajen -72 dBm, ma'aunin da ƙarfi ke raguwa yayin da lambarsa ke nisa da sifili, sai rediyon ya koma salon aikawa mai jinkiri don kauce wa kuskure, haɗin ya faɗo daga 867 zuwa kamar 260. Ainihin gudu kusan 150 ke nan. Saka 150 da 500 a lissafin, za ka sami kimanin 115. Ka lura, kwamfutar da ke ɗakin za ta iya samun abin da ya kusa 150 ɗin kai tsaye daga rauta, don haka a nan ekistendar ragi ta yi maka. Wayarka kuwa tana nuna sanduna cike, domin tazarar da ke tsakaninta da ekistenda kawai take aunawa, ba ruwanta da abin da ke baya.

Kada a dogara da gwajin gudun intanet wajen gano wannan. Wanda layinsa na waje 30 Mbps ne ba zai ga bambanci ba, kuma gaskiya irinsa wannan na'ura ta ishe shi. Awo na haƙiƙa da manhajar iperf3 ake yi, mai auna gudu tsakanin kwamfutoci biyu: kwamfuta ɗaya a jone da rauta ta kebul mai gigabit, ta biyu a kan Wi-Fi.

```
iperf3 -s
iperf3 -c 192.168.0.10 -R -t 30
```

Umarni na farko a kan mai kebul, na biyu a kan ɗayar, da adireshin mai kebul ɗin. A auna a wuri guda sau biyu, da ekistenda a kunne da kuma a kashe.

Dawo da ekistendar tsakiyar hanya, inda siginal bai gaza -65 dBm ba, shi ne gyaran da ya fi tasiri, kuma ba ko sisi. Na biyu, a raba zangunan: layin baya a 5 GHz, wayoyi a 2.4 GHz. Jiran juna ya ƙare, sai dai 2.4 GHz cunkushe yake, da wuya ya wuce 100.

Tsarin mesh, wato na'urori da yawa da ke haɗuwa su baza Wi-Fi ɗaya a gida, shi ma mai zango biyu wannan ciwon gare shi, kuma idan aka jera na'urori uku a kan tasha ɗaya, ta ƙarshe kusan kashi ɗaya cikin uku take samu. Mai zango uku yana ware rediyo guda don layin baya, wanda ke kawar da rabawar, amma bangon bulo yana nan yadda yake.

Inda za a iya jan kebul, a ja Cat5e ko Cat6, yana kaiwa mita 100, a juya ekistendar zuwa Access Point, wato ta karɓi bayanai ta kebul ta baza su ta Wi-Fi. A nan ne babban ƙorafina yake: ramin kebul ɗinta na 100 Mbps ne, ba ya wuce kusan 94 a aikace. Mai layin da ya fi haka ya duba kwali ya tabbata an rubuta Gigabit kafin ya biya kuɗi.