Jera sunaye a takardar sitika: wace hanya za ka biya wa kuɗi?

A ce Islamiyyarku za ta yi sauka, ɗalibai 130, kowa za a manna masa sunansa a ƙirji. Sunayen suna Excel a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ita kuwa takardar sitika A4 gida 24 gare ta, uku a kwance takwas a tsaye, kowane gida milimita 70 da 37. Takarda shida ke nan, ta shidan da suna goma kacal.

Ni dai Mail Merge na Word nake zaɓa, kuma shi nake cewa a yi mini a kowane shagon kwamfuta a Kano. A shiga Mailings, a danna Start Mail Merge, a zaɓi Labels, a saka awon gidan, a jawo fayil ɗin Excel, a ɗora sunan a gidan farko, sannan kafin a je Finish & Merge a danna Update Labels. Wanda ya manta wannan dannawar, suna ɗaya zai gani a kowace takarda, sauran gidajen fayau. Daɗin hanyar shi ne babu mai sake buga suna da hannu, don haka Rabi'atu ba za ta koma Rabi ba. In an ƙaro ɗalibi ana gobe sauka, a Excel za a sa shi, a sake haɗawa. A bar fayil ɗin a xlsx, domin CSV kan lalata ƙ da ɗ.

Excel kaɗai ma yana iya raba sunayen gida uku da WRAPROWS, amma a tsohon Office #NAME? zai ba ka, kuma daidaita gidajen da sitika aiki ne ja. CorelDraw sai mai son ado da tambari. Bugawa ɗaya bayan ɗaya kuwa ɓata kuɗi ne.

Inda ake cutar mutane shi ne takardar. Kwali zai ce 70 da 37, ka sa rula ka ga yankan ya kauce, sunayen layin ƙasa su hau kan tsaga. Akwai wadda ta daɗe a shago zafin Kano ya busar da gam ɗinta. Ɓare ɗaya ka manna a riga tun kafin ka biya. Wata kuma ta inkjet ce ake sayar maka a matsayin ta laser, zafin injin ya sa gam ya narke, sitika ta maƙale a ciki, mai shago ya ce kai za ka biya gyara. Haka ragowar takarda ta shida, in an riga an ɓare wasu gidajen kada a mayar da ita injin.

Kafin a taɓa sitikar, ka ce a fara bugawa a farar takarda, girman A4 ba Letter ba, a Actual size ba Fit to page ba. Ɗora ta kan sitikar ka ɗaga wa haske. In layin ƙarshe ya zauna a gidansa, a buga sauran. In mai shago ya ƙi wannan gwajin, ɗauki filashinka ka yi gaba.