RG59 ko Cat6 da balun: wacce za ta kai kyamara bakin get?

"Assalamu alaikum. Zan sa kyamara huɗu a sitona na hatsi a Tumfure. Uku suna kusa da ofis, ɗaya kuma a bakin get, kimanin mita 80 daga inda DVR, na'urar naɗar hoton, zai zauna. Wani mai aiki ya ce RG59 mai haɗe da wayar wuta, wani ya ce Cat6 da balun. Wanne zan ɗauka? Maƙwabcina kullum dare ya yi hoton get ɗinsa ɗaukewa yake."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kyamarori ukun da ke kusa da ofis ba su da damuwa, ko wacce ka ja a cikin wayoyin biyu za ta yi aiki. Ta bakin get ce abin dubawa, kuma ko ita ɗin ba hoto ne zai ba ka wahala ba, wuta ce.

Ta fuskar hoto, mita 80 ba nisa ba ne. RG59 mai tagulla zalla tana kai hoton 1080p har wajen mita 300, Cat6 da balun marar wuta, wato ɗan abin da ake sawa a kowane bakin wayar don ta iya ɗaukar hoton kyamara, kuma wajen mita 200. Sharaɗin kawai wayar ta zama ta gaske. Akwai RG59 a kasuwa da cikinta ƙarfe ne aka shafa masa tagulla, irin wadda ta dace da dish amma ba ta dace da kyamara ba. Ka fere bakinta ka kara mata maganaɗisu, in ya kama ka ajiye ta. Cat6 ta jabu kuma alminiyam ce a ciki, kana kankare silin da wuƙa za ka ga fari ya fito, kuma sau da yawa an rubuta CCA a jikin kwalin.

Yanzu lissafin wuta. Kyamarar tana son bolt 12, kuma yawancinsu ba sa jure ƙasa da 10.8. Da rana tana jan kamar amfiya 0.2, amma da dare, idan jajayen fitilun ganin duhu suka kunna, takan kai 0.5. Wuta tana zuwa ta dawo, saboda haka mita 80 ɗinka mita 160 ne a lissafi.

Ɗauki RG59 mai haɗe da wayar wuta mai kaurin 0.5mm², wadda ita aka fi samu. Tana da turjiyar om 35 a kowace kilomita, wato om 5.6 a mita 160. Da rana za a rasa bolt 1.1 a hanya, 10.9 ya isa kyamara, hoto ya fito tas, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da dare asarar ta zama 2.8, abin da ya iso 9.2 ne. Kyamara ta mutu, fitilu su mutu tare da ita, wuta ta dawo daidai, ta sake tashi, ta sake kunna fitilu, ta sake mutuwa. Ina kyautata zaton abin da ke damun maƙwabcinka ke nan, kuma zai iya tabbatarwa da rana tsaka: ya sa maltimita a bakin kyamarar, ya rufe idonta da tafin hannu har fitilun su kunna, ya ga yadda lambar za ta faɗi.

Cat6 ta fi muni idan aka yi mata aikin ganganci. Silinta siriri ne, kusan om 70 a kilomita, kuma guda takwas ne a ciki an murɗa su bibbiyu, wato tagwaye huɗu. In mai aiki ya ba wa wuta tagwaye ɗaya kacal, asarar dare bolt 5.6 ce, kusan rabin wutar. In ya bar tagwaye ɗaya ga hoto ya haɗe sauran ukun ga wuta, asarar ta sauka zuwa 1.9, a sami 10.1, har yanzu bai kai ba. Wannan kuma lissafin tagulla zalla ne a yanayi mai sanyi. Alminiyam na ƙara kusan rabi a kan turjiyar, kuma wayar da ta bi ƙarƙashin rufin kwano a zafin Maris da Afrilu na Gombe tana ƙara fiye da kashi goma cikin ɗari.

Ka ga ke nan duka shawarwarin biyu za su bar ka cikin duhu a get. Abin da nake yi a irin wannan nisa shi ne in ja wa wuta wayarta daban, mai kaurin 1.5mm². Turjiyarta om 12 ce a kilomita, asarar dare ba ta kai cikakken bolt ɗaya ba, kyamara ta sami 11. Wasu na sa adafta a ɗakin maigadi, kuma yana aiki, amma fa sai layin ɗakin yana kan inbata ɗaya da DVR, in ba haka ba ana ɗauke wuta kyamarar da ka fi buƙata ce za ta fara mutuwa.

A wajen kanekta ne wayoyin biyu suka fi bambanta. RG59 tana da kanektar BNC biyu ne kawai, ɗaya a kyamara ɗaya a DVR. Cat6 kuwa kowane baki akwai balun, ga BNC ɗinsa, ga wurin ɗaure silin, wato wuraren lalacewa sun ninka. Silin Cat6 guda ne mai tauri, in aka matse sukurun da yawa yakan karye a ciki ba a gani. Dole kuma hoto ya bi tagwaye ɗaya, misali shuɗi da fari-shuɗi, kuma wanda ya shiga + a can shi zai shiga + a nan. In aka ɗauko sili ɗaya daga shuɗi ɗaya daga kore, hoto zai zo da inuwa da layuka.

BNC ma tana da nata. Mai murɗawa da hannu tana sassautawa, ka nemi wadda ake matsewa da filaya ta musamman. Laifin da na fi tararwa shi ne gashi ɗaya na ragar waje ya taɓa allurar tsakiya, sai allo ya nuna `NO VIDEO` alhali fitilun kyamara na ci. A cire wayar daga ɓangarorin biyu a gwada tsakanin allura da jikin kanekta, in maltimita ta yi ƙara akwai haɗuwa, a yanke a sake. Na taɓa zuwa wani gida a Pantami a watan Agusta inda aka riga aka sayi sabuwar kyamara, ashe kanektar ce aka naɗe da salatif aka bari a fili. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo, allurar ta yi kore. Alamar irin wannan ita ce hoto ya rasa kala ko ya riƙa rawa in an taɓa wayar. Kanektar waje wurinta cikin akwatin roba mai murfi, wayar ta shigo ta ƙasa.

In kuma ka ga faffaɗan layi yana hawa allo a hankali, ba kanekta ba ce. Yawanci jikin kyamara ne ya taɓa ƙarfen get ko fol, ko an kwantar da wayar hoto a bututu ɗaya da wayar wutar gida. A sa katako ko roba tsakanin kyamara da ƙarfen, a raba bututun.

Da sitona ne, RG59 mai tagulla zalla zan ja wa duka huɗun, ta get kuma in ƙara mata wayar 1.5mm² a bututu. Cat6 zan zaɓa ne kawai in ina da niyyar komawa kyamarorin IP, masu aiki ta hanyar netwok, nan gaba, don wayar za ta ci gaba da amfani muddin ba ta wuce mita 100 ba, kuma ko ita zan ja mata wayar wuta daban. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai bayan magariba, mai aikin ya auna a bakin kyamarar get fitilu na kunne, ka ga 11 ko kusa da haka da idonka.