Ɗango mai tsayawa da ɗango mai gangara

Mai rubuta waƙa yana da zaɓi biyu a ƙarshen kowane ɗango. Ko ya rufe zancensa a nan, ko ya bar jimlar ta wuce zuwa ɗango na gaba, abin da manazarta ke kira gangara. Idan ta tsallaka har wani baitin, ya zama saɓi-zarce.

Ɗango mai tsayawa ya fi sauƙin rerawa. Numfashi da amsa-amo da ma'ana duk wuri ɗaya suke sauka, shi ya sa ya dace da waƙar wa'azi da ake son a haddace. Illarsa, idan ya yi yawa, kunne yana riga mawaƙi sanin inda zai tsaya.

Gangara kuwa tana raba waɗannan ukun. Ga misalin da na tsara:

Ina son ki
Tafi, kada gari ya waye.

A ɗangon farko mai sauraro ya ji soyayya. Da na biyu ya iso, sai ya tarar sallama ce, amma ƙaunar da ya fara ji ba ta goge ba, tana nan ƙarƙashin korar. Haɗa su a layi ɗaya, umarni kawai zai rage.

Wajen karatu ake yawan ɓata ta. Wanda ya sauke murya a kan "ki" ya yanke jimlar, wanda ya zarce da gudu ya shafe ɗangon. Ni na fi son a ɗan dakata, murya na rataye, ba tare da an ja sabon numfashi ba, sannan a faɗa kan "Tafi".